Farin Akwati a Bayan Baba Wahab

Shagon Memuna Zuberu bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Kwantena ce aka raba gida uku a bakin titin unguwar Maamobi, mai gyaran waya a dama, mai sayar da mayafai a hagu, ita kuma a tsakiya da tebur ɗaya, kwamfuta, fanka mai ƙara, da benci na masu jira. Shekararta arba'in da bakwai, goma sha huɗu daga ciki a kan kujerar nan ta yi su. Mijinta direban babbar mota ne, daga Tema zuwa Yamai, wata guda yana hanya, mako guda yana gida. 'Ya'yanta mata biyu sun girma, kuma babu wadda ta taɓa cewa tana son ta gaji sana'ar.

Ita kam gado ta yi. Mahaifinta, Malam Zuberu, mai ɗaukar hoto ne a unguwar Nima tun zamanin kyamara mai fim. A shagonsa akwai labulaye masu zane da ake ratayawa a bayan mutum: jirgin sama, falo mai firij a buɗe cike da kwalaben lemo, masallaci mai koren kubba. Tana 'yar shekara goma sha biyu ya ba ta siririn buroshi ya koya mata share ƙuraje a fuskar amare a jikin hoto. Da fim ya mutu, shagon ya bi shi, ba a jima ba shi ma Malam Zuberu ya kwanta dama. Memuna ta yi shekara shida tana koyon kwamfuta a wani gidan buga takardu kafin ta buɗe nata.

Aikinta yanzu yawanci yanka ne. A kawo mata hoton amarya da aka ɗauka a tsakar gida, ga igiyar shanya, ga bokiti, ga ƙafar wani, ta zare amaryar ita kaɗai, a ɗora ta a kan katin gayyata ko sitikar da za a manna a jikin robobin rabo. A kawo hoton mai tuwo za a yi mata allon shago, ko na alhajin da ya dawo daga Makka. Tun da wayoyi suka iya cire bayan hoto da taɓawa ɗaya, mutane suka daina ganin wahalar abin. Sai wayar ta cinye wa mutum kunne ko ta bar masa guntun bango a gefen hula, sannan a tuna da Memuna.

Yankan ba ya gajiyar da ita kamar maganar da ke bin bayansa. Kullum sai ta faɗa, wani lokaci sau biyar kafin azahar. Idan ta gama yanka, a fayil ɗin PNG take adanawa, domin shi ne yake iya riƙe wurin da babu komai a matsayin babu komai. A kwamfutarta wurin yakan fito da ƙananan gidaje, fari da toka-toka, kamar allon dara, alamar cewa duk abin da aka ɗora hoton a kai zai leƙo ta nan. JPEG kuwa bai san babu ba. Kowane ɗigo a cikinsa dole ya zama da launi, don haka da zarar an mai da yankakken hoto JPEG, sai a cike bayan da fari, wani sa'in da baƙi, aikin ya koma gidan jiya. Tana da leda mai haske da farar takarda a aljihun tebur don nuna wa mutane bambancin. Ledar har ta yi laushi don yawan ɗagawa. Su gyaɗa kai, su ce sun gane, washegari su dawo da hoton da suka ɗauka daga fuskar waya.

Wata Litinin da hantsi Zulkarnaini ya shigo. Matashi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai sayar da kayan babur, kuma sakataren ƙungiyar tsofaffin 'yan wasan Matasan Gangare. Bai zauna ba.

"Anti Memuna, babban aiki na kawo miki. Baba Wahab zai ajiye usur."

Babu wanda bai san Baba Wahab ba a tsakanin Nima da Maamobi. Shekara talatin da ɗaya yana horar da yara ƙwallo a wani fili ta wajen Kawukudi, ba albashi, ba kujera, sai usur da tsawa. Yanzu gwiwa ta ƙi. Tsofaffin yaransa sun shirya masa taron ban girma ranar Asabar, za a yi riguna sittin koraye shar masu hotonsa a ƙirji, da babban ƙyalle na bayan rumfa.

Zulkarnaini ya miƙo waya. Hoton a wurin suna aka ɗauka. Baba Wahab na zaune, farar hula, farin gemu, bayansa bango mai farin fenti da ya fara dafewa, kafaɗar wani mutum ta shigo ta hagu.

"Babu wani?" in ji Memuna.

"Akwai da yawa, amma duk yana faɗa. Wannan kaɗai yake dariya."

Ta cire tabarau ta murza idanu. Fari a kan fari. Ta ce ya bar mata ta haɗa zanen rigar gaba ɗaya ta kai wa mai bugawa da kanta. Ya ce a'a, abokinsa Abdul-Hakim yana da injin buga riguna, ya riga ya tsara rubutun, kan Baba kawai ake jira.

Yini ɗaya da rabi ta yi a kan gemun nan. Ta ƙara girman hoton har kowane gashi ya zama kamar igiya, tana bi a hankali, tana raba farin gashi da farin bango. Wuta ta ɗauke sau biyu. Wuyanta ya sage, ta ɗaura ɗankwali ta tamke goshi saboda ciwon kai. Ranar Talata da la'asar ta ɗora yankan a kan kore don gwaji, sai ga Baba Wahab yana dariya, koren yana leƙowa ta tsakanin gashin gemunsa. Ta daɗe tana kallo. Ba kullum aiki yake fitowa haka ba.

Da Zulkarnaini ya zo, ta tura masa a matsayin fayil, ta riƙe hannun rigarsa.

"Ka saurare ni da kyau. Yadda na turo maka, haka za ka tura wa Abdul-Hakim. A fayil, ba a hoto ba. Kada ka buɗe ka sake adanawa, kada ka ɗauki hoton fuskar waya. Ka ga ƙarshen sunan? PNG. In ya canja, ya lalace."

"Anti, ni ma fa na yi makaranta," ya ce yana dariya, waya na kunnensa tun kafin ya kai ƙofa.

Ranar Juma'a da safe tana share gaban shago Zulkarnaini ya sauko daga babur da babbar jaka. Bai gaishe ta ba. Ya zaro riga ɗaya ya baza a kan benci.

Ga koren, ga rubutun da ruwan ɗorawa, ga Baba Wahab. Amma yana cikin wani farin akwati mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Hular ta narke a cikin farin, gemun ma haka. Abin da ya rage sai baƙar fuska tana shawagi a tsakiyar fari, da haƙora.

"Sittin," in ji Zulkarnaini. "Duka haka. Anti, ke kika ce kin cire bayan."

Mai gyaran waya ya leƙo. Mai mayafai ta taso da kofin kokonta a hannu. Memuna ta jingine tsintsiya. Ba ta ji fushi ba tukuna.

"Ba ni wayarka."

Ta buɗe hirarsa da Abdul-Hakim, ta gangara zuwa Talata, ta juyo masa da fuskar wayar. "Karanta min ƙarshen sunan nan."

Ya ƙura ido. "JPG." Wato JPEG ke nan.

"Shi na ba ka?"

Maganar ta fito masa a guntu-guntu. Da ya isa gida ya buɗe hoton don ya nuna wa matarsa, sai ya ga bayan Baba baƙi ƙirin. Ya ɗauka hoton ya lalace a hanya. Bai so ya dame ta. Sai ya buɗe shi a wata manhajar gyaran hoto, ya sake adanawa, baƙin ya tafi, fari tas ya zo. Ya ga ya yi kyau, ya tura.

"Baƙin nan ba a cikin hoton yake ba," in ji Memuna. "Wayarka ce. Ta ga wurin babu komai, sai ta nuna maka nata baƙin ta ciki. Da ka bar shi, da kore zai leƙo ta nan."

Ta jawo aljihun tebur ta ciro ledar da takardar. Ta ɗora ledar a kan rigar, kore ya fito. Ta ɗora takardar, kore ya ɓace. "Ni leda na ba ka. Kai ka mai da ita takarda. Injin kuma ba ya tambaya. Ya ga fari, ya zuba farin tawada."

"To ai Abdul-Hakim ya kamata ya gani."

Ta ce ya kira shi ya sa a lasifika. Muryar Abdul-Hakim ta fito tare da ƙarar inji.

"Chale, abokina, kada ka ɗora min. Na kira ka ranar Laraba, na ce da farin zan buga? Ka ce e, farin dole ne, kada in taɓa."

"Na ɗauka hular kake nufi!"

"Ni dai abin da aka ba ni na buga."

Mai mayafai ta kusa ƙwarewa da koko. Memuna ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayar ta tambayi Abdul-Hakim ko an buga babban ƙyallen. Ya ce a'a, shi yake fama da shi tun ɗazu. Ya gwada cire farin da kansa a kwamfuta, amma duk lokacin da ya taɓa, sai hular da rabin gemun su tafi tare da shi, gefen fuskar kuma ya bar wani datti-datti.

"Ba zai yiwu ba," ta ce. "Iyakar da ke tsakanin gemun da bayan ta riga ta goge, kuma JPEG yana dagula gefen abu in ya matse hoto. Ka bar wannan. Ba ni lambarka in turo maka na asali."

Ta tura. Bayan minti biyu ya kira da kansa. "Anti, wannan ai wani abu ne daban. Gashi ɗaya-ɗaya!"

"Rigunan fa?" in ji Zulkarnaini, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba a iya ɓarewa?"

Ta kai farce gefen farin akwatin ta gwada, don dai ya gani da idonsa. Zafi ya riga ya haɗa shi da zaren. In aka matsa, rigar ce za ta tafi. Sababbin riguna sittin masu wannan koren kuma ba za su samu a buga su kafin gobe ba, ga Juma'a ta raba yinin biyu. Ya naɗe rigar ya cusa a jaka. Ya fita ya hau babur.

Ba ta yi niyyar zuwa taron ba. Ranar Asabar ta so ta wanke kaya ta miƙe bayanta. Amma Baba Wahab abokin mahaifinta ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, ba ta da fuskar ƙin zuwa. Bayan azahar ta yafa mayafi ta kama hanya a ƙafa.

Tun kafin ta kai mahaɗar Kawukudi ta fara ganin rigunan. Samari uku suna tafe a gabanta, ɗaya ya juyo, wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta ga ƙirjinsa ta dafe kai.

"Innalillahi! Koci? Yaushe?"

"Yana nan da ransa, Mma, biki muke masa."

"To me ya sa kuka sa shi a akwati kamar na sanarwar rasuwa?"

Memuna ta ja mayafi ta ƙara sauri.

A filin an kafa rumfuna biyu, an jera kujerun roba. A bayan babban tebur ƙyallen yana rataye, tsawonsa ya fi mutum. Baba Wahab a kan kore, hularsa a fili, gemunsa kamar iska za ta kaɗa shi. A ƙarƙashinsa kuma mutum sittin suna kai da kawowa, kowa da farin akwati a ƙirji. Ta samu kujera can baya kusa da masu rabon ruwa.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Wani ya ba da labarin yadda Baba Wahab ya bi shi har gida da bulala don ya bar makaranta. Wani da ke wasa a ƙasar waje ya aiko da saƙon murya, lasifika ta cinye rabinsa. Sai mai gabatarwa ya shiga godiya, ya gode wa masu rumfa, ya gode wa masu shinkafa, sannan ya ce, "Da kuma Anti Memuna ta Maamobi, wadda ta yi mana hoton da ke jikin rigunanmu. Anti, ɗaga hannu a gan ki!"

Kawuna suka juyo. Wasu suka tafa, wasu suka dubi ƙirjinsu suka dube ta. Ta ji wata a gefenta tana raɗa wa ƙawarta cewa ashe gara a ba yaran zamani masu waya. Zulkarnaini na tsaye daf da mai gabatarwa, takardar jerin sunaye a hannunsa. Taku ɗaya ne tsakaninsa da makirufo. Ya sunkuyar da kai yana gyara takarda.

Ta ɗaga hannu kaɗan ta sauke. Ta yi tunanin tashi ta je ta karɓi makirufon, ta yi musu bayani tun daga farko, leda da takarda, baƙin waya da farin tawada. Ta hango kanta tana yi, a gaban mutum ɗari biyu da ke jiran shinkafa, sai ta ji ko a tunani ma ta gaji.

Da aka fara rabon abinci ta miƙe za ta sulale, wani ya taɓa ta ya ce Baba na kira. Yana zaune, ƙafa ɗaya a miƙe kan wata kujera, an sa masa rigar a kan jallabiya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar Zuberu. Tun safe waya ba ta huta ba. Mutum huɗu sun kira uwargidana suna mata gaisuwar mutuwa. Ɗaya har ya ce ya yafe min."

"Allah ya ƙara nisan kwana, Baba."

"Amin." Ya juya da ƙyar ya dubi ƙyallen da ke bayansa, ya dubi ƙirjinsa. "Wancan da wannan, hoto ɗaya ne?"

"Ɗaya ne."

"Wanne ne naki?"

"Na saman, Baba. Na rigar ma nawa ne da ya bar hannuna. A hanya ya canja."

Bai tambayi hannun wa ba. Ya ɗaga ido ya dubi inda Zulkarnaini ke rabon cokula, ya daɗe yana kallonsa. "Tun yana ƙarami haka yake. A ba shi ƙwallo a ce ya miƙa, sai ya tsaya ya yi mata ado." Ya ja numfashi, ya shafa gwiwa. "Ki yi min guda ɗaya irin ta saman. Guda ɗaya tak, tawa. Wannan in na sa ta na fita, sai an fara haƙa min kabari."

Ranar Litinin ba ta buɗe shago da safe ba. Ta shiga motar haya, trotro, zuwa kasuwar Tudu, ta zaga rumfuna biyar kafin ta samu koriyar riga mai girman Baba Wahab, koren ma bai yi daidai da wancan ba, ya ɗan fi duhu. Daga nan ta sake shiga wata motar zuwa wurin Abdul-Hakim. Fayil ɗin yana kwamfutarsa tun Juma'a, amma duk da haka ta sa ya buɗe a gabanta, ta duba ƙarshen sunan, ta ga ƙananan gidajen nan fari da toka-toka a bayan hular, sannan ta ce ya buga. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Tana tsaye hoton ya fito a kan leda, tana tsaye ya shimfiɗa shi a kan rigar ya danne da injin zafi. Da ya ɓare ledar, babu akwati. Gemun ya kwanta a kan koren yadda ta yanke shi.

"Anti, in na samu irin wannan aikin zan riƙa turo miki," in ji Abdul-Hakim.

"Ka turo. Amma kai da kanka za ka karɓa, ba ta hannun kowa ba."

Ta kai rigar gidan Baba Wahab da rana tsaka. Yana barci, an ce gwiwar ta hana shi sakat tun bayan taron. Ta bar wa matarsa, ta sha ruwa, ta fito.

Ƙarfe biyu ta wuce kafin ta isa Maamobi. Ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi, ba ta ci komai ba tun koko. Mai mayafai ta ce mutum biyu sun zo sun tafi, ɗaya ya ce zai dawo, ɗaya bai ce komai ba. Memuna ta buɗe kwaɗo, ta kunna fanka, ta zare takalman ta tura su ƙarƙashin tebur. Ta aika a sayo mata wake da shinkafa, ta ce a sa yaji kaɗan, sannan ta jingina kanta da bangon kwantena kafin abincin ya iso.